Giram 4 cikin sakan 40: nazarin allurar magniziyam salfet da aka tura a jijiya da sauri

Lamarin da ke ƙasa misali ne da aka tsara bisa yadda irin wannan kuskure yake faruwa a ɗakin haihuwa. Maganin daidai ne, adadinsa daidai ne, maras lafiyar ma ita ce wadda ya kamata a yi wa. Abu biyu kawai aka saɓa: yawan ruwan da aka sirka maganin da shi, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana tura shi.

Yadda abin ya faru

An kawo wata mata mai shekara 22, cikin fari, mako 36, bayan ta yi jijjiga sau ɗaya a gida. Awon jininta 170/115, fitsarinta ɗauke da furotin mai yawa, ƙafafu da fuska a kumbure. Tana numfashi sau 20 a minti, kuma da aka buga mata jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafar ta zabura sosai. Wannan jijjigar masu ciki ce, kuma maganinta na farko magniziyam salfet ne: giram 4 a jijiya, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, tsarin da ake jingina wa wani likita mai suna Pritchard.

An sa mata kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiya don tura magani, a bayan hannu. Ungozomar da ke aiki ta fasa kwalbar maganin mai mil 10, mai ƙarfin kashi 50 cikin 100, ta zuƙi mil 8. Har nan babu kuskure, domin kowane mil ɗaya na ɗauke da miligiram 500, mil 8 kuwa giram 4 ke nan. Sirinjin mil 20 ne babu a kan tire. Sai ta yi amfani da na mil 10 da ke hannunta, ta cike gurbin da ya rage da ruwan allura mil 2. Tana cikin haɗa sirinjin da kanula matar ta sake fara jijjiga. Nan take ta danna, sirinjin ya ƙare cikin kamar sakan 40, ta bi shi da ruwan gishirin asibiti mil 5 a dannawa ɗaya.

Jijjigar ta tsaya, kamar yadda dama za ta tsaya. Cikin minti biyu fatar matar ta ɗau zafi, gumi ya karyo mata, ta yi amai. Numfashi ya sauko zuwa 9 a minti, kuma sama-sama, ƙirji da ƙyar yake ɗagawa. Na'urar da aka maƙala mata a yatsa ta nuna iskar oksijin ta faɗo zuwa 86. Awon jini ya koma 95/55, bugun zuciya 56. Bugun zuciyar ɗan da ke ciki ya sauka zuwa wajen 100. Da aka ɗaga hannunta aka saki sai ya faɗi yaraf. Aka buga gwiwa, shiru.

An kwantar da ita ta gefen hagu, aka share mata baki, aka buɗe hanyar iska, aka shiga taimaka mata da jakar ambu, wadda ake matsawa da hannu don hura iska cikin huhu, haɗe da oksijin. Aka wanke kanular, aka ba ta makarin magniziyam, kalsiyam gulukonet, giram 1, wato mil 10 na mai ƙarfin kashi 10, a hankali ana kallon agogo. Kafin sirinjin ya ƙare numfashi ya fara zurfi. Bayan kwata ɗaya na awa tana numfashi 16 da kanta, awon jini ya hau, bugun zuciyar ɗan ya dawo 130. Bayan hannun kuwa ya yi ja, jijiyar ta yi tauri kamar igiya har tsawon yatsa biyu, dole aka cire kanular aka sa wata a damtse.

Abin da sauri ya yi wa jininta

Giram ɗaya na magniziyam salfet yana ɗauke da kusan milimol 4 na magniziyam, milimol kuwa shi ne ma'aunin da ake auna yawan sinadari da shi. Giram 4 milimol 16 ke nan. A jikin mai lafiya, magniziyam da ke cikin ruwan jini bai wuce milimol 0.7 zuwa 1 a kowace lita ba. Abin da ake nema don hana jijjiga shi ne a kai shi wajen 2 zuwa 3.5. Daga 3.5 zuwa 5 zaburar gwiwa takan ɓace. Daga 5 zuwa 6.5 tsokokin numfashi sukan fara gazawa. Sama da 7.5 saƙon lantarkin da ke tafiyar da bugun zuciya yakan rikice, idan ya haura 12 zuciya na iya tsayawa. Tazarar da ke tsakanin magani da guba ke nan, kuma ba ta da faɗi.

Idan milimol 16 ɗin nan suka gama bazuwa a duk ruwan da ke wajen ƙwayoyin jiki, wanda ya kai lita 15 ko fiye a mace mai ciki, ƙarin da za su kawo kusan milimol 1 ne a lita. A haɗa da wanda ke jiki tun asali, an isa wajen 2, daidai bakin abin da ake so. To amma bazuwar nan tana cin mintoci. Maganin da aka tura a jijiyar hannu ba ya tarar da lita 15 suna jiransa. Abin da yake tararwa shi ne jinin da ya ratsa zuciya a daidai lokacin da ake turawa, shi kaɗai.

A yi lissafin a sauƙaƙe. Zuciyar mai ciki tana harba kusan lita 6 na jini a minti. Cikin sakan 40 lita 4 ne suka wuce. Kusan kashi biyu cikin uku na jini ne ruwa, sauran ƙwayoyi ne, don haka ruwan da ya karɓi maganin bai fi lita 2 da rabi da ɗan ɗoriya ba. Milimol 16 a cikin wannan ya ba da kusan 6 a lita, ga kuma na asali a kai. Jinin da ya fara isa zuciyarta da tsokar numfashinta yana ɗauke da kusan milimol 7 a lita. Lissafi ne na kusantarwa, amma ya isa ya bayyana abin da aka gani a gadon. Mai jijjigar ciki ma sau da yawa ruwan jininta ya ragu, domin ya tsiyaye zuwa cikin nama ya zama kumburi, saboda haka lissafin ya fi yi mata muni a zahiri.

Da an raba turawar a minti 5, milimol 3 da ɗan kaɗan ne za su shiga a kowane minti, su gauraya da kusan lita 4 na ruwan jini. Ƙarin bai kai milimol 1 a lita ba a zagayen farko. Jini yana kewaya jiki cikin kusan minti ɗaya, kuma kafin ya dawo wani ɓangare na maganin ya riga ya fice daga jijiyoyi zuwa ruwan da ke tsakanin nama. Yawansa a jini zai hau, amma hawa na matakala, ba tsalle ba.

Shi magniziyam kishiyar kalsiyam ne a jiki. A inda jijiyar saƙo ke haɗuwa da tsoka, sai kalsiyam ya shiga bakin jijiyar kafin ta saki sinadarin da ke umartar tsoka ta motsa. Magniziyam mai yawa yana tare wannan ƙofar, tsoka ta yi laushi, har da shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ke ƙarƙashin huhu. Yana kuma sassauta bangon jijiyoyin jini su buɗe, shi ya sa ake jin zafi da gumi, awon jini ya faɗi. Faɗuwar awon jinin uwa kuwa tana rage jinin da ke zuwa mabiyiya, abin da ya sa bugun zuciyar ɗan ya sauka. Kalsiyam gulukonet da aka ba ta bai fitar da magniziyam daga jikinta ba. Ya dai yi masa rinjaye a bakin ƙofar na ɗan lokaci. Ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi, don haka bayan an ba da kalsiyam ba a barin gefen gadon.

Akwai wani tunani da ya tura yatsan ungozomar, kuma shi ne ya fi cancantar gyara: ganin cewa matar na jijjiga, gara maganin ya isa da wuri. Jijjigar masu ciki takan tsaya da kanta cikin minti ɗaya zuwa biyu. Aikin magniziyam shi ne hana ta gaba. Lokacin da ake jijjigar, abin da matar ke buƙata shi ne a juya ta gefe, a kare ta daga faɗuwa, a kula da hanyar iska, a sa oksijin. Saurin turawa bai rage mata ko sakan ɗaya na jijjiga ba, sai ma ya haifar da jinkiri, domin allurar ɗuwawu da ya kamata ta biyo baya nan take sai da aka dakatar da ita.

Sirkawa aikinta daban

Mutane da yawa suna ɗauka idan an sirka magani sosai an sami lasisin turawa da sauri. Ba haka ba ne. Da ungozomar ta haɗa mil 20 daidai ƙa'ida ta tura cikin sakan 40, milimol 16 ɗin ne dai za su isa zuciya a lokaci guda. Mil 12 na ruwa ba komai ba ne a gaban lita 4 na jini. Lokaci ne ke kare zuciya da numfashi.

Abin da sirkawa ke karewa shi ne jijiyar da ke karɓar maganin. Mai ƙarfin kashi 50 ya ninka jini kauri, ta fuskar narkakkun sinadarai, fiye da sau goma sha uku. Ruwa mai irin wannan kauri yana zuƙe ruwa daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin bangon jijiya, su yanƙwane, jijiyar ta yi zafi ta kumbura, wani lokaci jini ya daskare a ciki. Shi ya sa ƙa'idar masu yin maganin ita ce kada ya shiga jijiya da ƙarfin da ya wuce kashi 20. Abin da aka tura wa matar nan kashi 40 ne, giram 4 a mil 10, ninki biyu na iyaka, kuma a ƙaramar jijiyar bayan hannu inda jini ke tafiya a hankali. Taurin da jijiyar ta yi daga nan ya fito.

Amfani na biyu na sirkawa shi ne yana ba yatsa abin aunawa. Raba mil 8 a minti 5 da hannu abu ne mai wuya, ɗan motsi kaɗan ya wuce da rabin giram. Mil 20 kuwa yana da layuka ashirin da ido zai bi.

Yadda ake haɗawa

Farko a karanta jikin kwalba da baki, wani ya ji. A wasu kwalabe MgSO4 aka rubuta. Mai kashi 50 yana zuwa a mil 2, giram 1 ke nan, yana kuma zuwa a mil 10, giram 5. Wanda ya saba da ƙananan zai fasa huɗu. Wanda aka miƙa wa babbar dole ya bar mil 2 a ciki, kuma nan ne ake yawan zuƙe ta duka a ba da giram 5. Akwai kuma wanda aka riga aka sirka daga masana'anta: mai kashi 20 ana ɗibar mil 20 a ba da shi yadda yake, mai kashi 10 kuwa mil 40 ake buƙata. Wanda ya ɗebi mil 8 na mai kashi 10 ya ba da ƙasa da giram 1, matar za ta sake jijjiga a ce maganin ba ya aiki.

Da mai kashi 50, ana zuƙar mil 8 a sirinjin mil 20, a ƙara mil 12 na ruwan allura ko ruwan gishirin asibiti. Lissafin mai sauƙi ne: giram 4 a mil 20, wato miligiram 200 a kowane mil, kashi 20 ke nan. Sannan a ja 'yar iska ciki, a rufe baki, a juya sirinjin sama da ƙasa sau da yawa kafin a fitar da iskar. Wannan juyawar ba ado ba ce. Maganin ya fi ruwa nauyi, yana kwanciya gefe guda, kuma idan ba a gauraya ba wani sashe na sirinjin zai fita da kauri sosai. A duba shi a haske, ya zama garau babu gurɓata. A rubuta suna da adadi a manna a jiki, domin a kan tire ɗaya akwai sirinji biyu na ɗuwawu masu kashi 50 da aka haɗa da lidoken, maganin kashe zafin allura, kuma duk ruwan fari ne tas.

Rashin sirinjin mil 20, wanda shi ne mafarin wannan lamari, yana da mafita: a ɗauki na mil 10 guda biyu, kowanne a sa masa magani mil 4 da ruwa mil 6. Ƙarfinsu kashi 20 ne, kuma kowanne zai ci rabin lokacin.

Yadda ake turawa

Kafin magani, a gwada kanula da ruwan gishirin asibiti mil 5. Ya shiga ba tare da turjiya ba, babu kumburi a bakin kanular, babu zafi mai tsanani. Idan akwai zaɓi, jijiyar damtse ta fi ta bayan hannu. A ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, a gwada gwiwa, a tabbatar kalsiyam gulukonet da jakar ambu suna nan kusa, ba a kulle a wani ɗaki ba.

Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da giram 4 ɗin cikin minti 5. Wasu ƙa'idojin sun ba da minti 5 zuwa 15. A fahimci minti 5 a matsayin mafi ƙarancin lokaci. Don a ga yadda hakan ma yake da sauri: a wasu cututtukan, takardar maganin ta iyakance shi a miligiram 150 a minti, alhali giram 4 cikin minti 5 miligiram 800 ne a minti. An yarda da hakan ne saboda haɗarin jijjiga. Abin da matar nan ta samu kuwa ya kai miligiram 6,000 a minti, ninki bakwai da rabi na mafi saurin da aka amince da shi. Idan mace ba ta jijjiga a lokacin, minti 10 ya fi hankali, kuma ba a rasa komai.

"A hankali" ba awo ba ne. Mutumin da ke tsaye a kan maras lafiyar da ke cikin haɗari, minti ɗaya yana yi masa kamar biyar. Sai an mayar da shi lamba: mil 20 cikin minti 5 shi ne mil 1 duk sakan 15. Cikin minti 10, mil 1 duk sakan 30. A zauna a kujera, a ɗora hannun maras lafiya a inda ba zai motsa ba, agogo mai hannun sakan yana gaban ido. A tura layi ɗaya, a dakata, a kalli ƙirjinta, a sake. Sandar babban sirinji tana da halin maƙalewa sannan ta zarce, don haka a riƙe ta tsakanin yatsu maimakon a danna da tafin hannu. Idan akwai mutum na biyu, shi ya riƙa faɗin lokaci: "Minti biyu, saura mil goma sha biyu."

Idan matar tana cikin hayyacinta a gaya mata tun kafin a fara: "Za ki ji zafi ya bi jikinki, kamar an lulluɓe ki. Maganin ne, zai wuce. Idan kin ji numfashi na yi miki nauyi ki gaya mini." Ɗumi da ɗan jan fuska abin da aka sani ne ko da an bi ƙa'ida. Amai, nauyin harshe, gani bibbiyu, ko fatar ido na rufewa da kanta alamu ne na a sassauta. Numfashin da ya sauka ƙasa da 16 a fara sa ido sosai, idan ya kai 12 ko ya zama sama-sama a tsaya cak. Amfanin turawa a hankali ke nan da ba a cika faɗa ba: idan alama ta bayyana a minti na biyu, fiye da rabin maganin yana cikin sirinji, ana iya fasawa. Wanda ya shiga jini ba ya dawowa.

Ruwan wankewa na ƙarshe ma yana cikin allurar. Maganin da ya rage a kanula da guntuwar robar da ke haɗe da ita, shi ruwan wankewa zai tura gaba, don haka mil ɗaya ko biyu na farko su tafi da irin saurin da maganin ya tafi. Haka idan ta robar ƙarin ruwa aka bi: a yi amfani da ƙofar da ta fi kusa da hannu. Wanda ya zuba magani a ƙofar da ke can sama alhali ruwan na ɗiga a hankali, maganin taruwa yake a cikin roba, lokacin da wani ya buɗe ruwan sai ya shige gaba ɗaya.

Rarrabe abin da ya faru

Mace da ta gama jijjiga dama takan yi nauyi, numfashinta ya rikice na ɗan lokaci, kuma da sauƙi a ɗora komai a kan jijjigar. Gwiwa ce ta raba gardama a wannan lamari. Mai jijjigar ciki gwiwarta zabura take yi fiye da ƙima, kamar yadda aka gani da isowarta. Gwiwar da ta yi shiru minti biyu bayan allura, tare da jiki yaraf da fata mai zafi da awon jinin da ya rikito, hoton magniziyam ne. Zubar jini a ƙwaƙwalwa yakan zo da awon jini a sama, da rauni a gefe ɗaya ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa. A kuma tambaya ko an yi mata allurar dayazifam don tsayar da jijjigar kafin a kawo ta, domin shi ma yana danne numfashi, kuma idan suka haɗu abin ya fi muni.

Shi kansa kalsiyam gulukonet ba a harba shi. Ana ba da mil 10 ɗin cikin aƙalla minti 3, wasu ƙa'idojin sun kai shi minti 10, saboda saurinsa na rage bugun zuciya ko ya rikita shi, kuma idan ya zube a wajen jijiya yana ƙona nama. Ana wanke kanula kafin a sa shi don kada ya haɗu da ragowar salfet. Abin da ke riƙe ran matar a waɗannan mintocin jakar ambu ce.

Kada kuma a ɗauki lambobin magniziyam a ɗora wa kowane magani. Fenitoyin ba ya wuce miligiram 50 a minti ga babba, kuma yana daskarewa idan ya haɗu da ruwan sukari. Fotashiyam kulorayid da kwinin ba a tura su da sirinji ko kaɗan, komai sirkawa, sai ta ƙarin ruwa. Adinosin kuwa akasin haka ne, cikin sakan biyu ake harba shi, domin jini yana lalata shi kafin ya isa zuciya idan aka yi jinkiri.

Matar ba a hana ta sauran maganin ba, domin haɗarin jijjiga yana nan. An sa mata robar fitsari, aka riƙa duba numfashi da gwiwa akai-akai. Da gwiwa ta dawo, numfashi ya tsaya a sama da 16, fitsari kuma yana fita fiye da mil 30 a awa, likita ya ba da umarnin ci gaba da allurar ɗuwawu, aka ba da maganin hawan jini da taka-tsantsan bayan awon ya sake hawa, aka shiga shirin haihuwa. A katinta an rubuta adadi da ƙarfin abin da aka tura da tsawon lokacin da ya ɗauka a zahiri. A takardar magungunan sashen kuma aka ƙara gurbi biyu a gaban allurar farko, na lokacin farawa da na lokacin gamawa, aka kuma sa sirinjin mil 20 cikin akwatin jijjiga tare da maganin.